Mene ne ke ƙirga kwanakin al'ada, kuma me ya sa takan makara ba tare da ciki ba?

"Assalamu alaikum, Likita. Ni matar aure ce daga Argungu, shekarata 27. Al'adata takan zo duk kwana 28 ko 29, amma a watan da ya wuce, da na yi fama da zazzaɓin cizon sauro, mahaifiyata kuma tana kwance asibiti, sai da ta kai kwana 39. Na yi gwajin ciki sau biyu, babu. Surukata ta ce jini ne ya kwanta mini a mara. Shin mene ne yake ƙirga wa jiki kwanakin nan, kuma me ya rikita lissafin?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ƙara miki lafiya, Ya ba Mama sauƙi mai ɗorewa. Kafin komai, ki kwantar wa surukarki da hankali cikin ladabi, domin babu wani jini da ya taru ya kwanta. Jinin al'ada shimfiɗar cikin mahaifa ce take zubewa idan sinadarin da ke riƙe da ita ya janye, kuma ba ta zubewa sai wannan janyewar ta faru. A watan da kika ambata janyewar ce ta makara, kuma dalilin makararta ya faro ne daga kai, ba daga mara ba.

A jikin mace babu wani agogo guda da yake ƙirga kwana 28 ya buga. Abin da ke akwai wasu sassa ne guda uku da suke aika wa juna saƙo ta cikin jini, kowanne yana sauraron amsar ɗan'uwansa kafin ya ɗauki mataki na gaba. Tsawon watanki shi ne tsawon lokacin da wannan aike da amsa ya ɗauka kafin ya zagayo.

Masu aike uku

Na farko wani ɗan yanki ne a ƙasan ƙwaƙwalwa da ake kira haifotalamas. Shi ne kuma mai lura da yunwa da ƙishirwa da zafin jiki da barci, kuma ki riƙe wannan, domin za mu dawo kansa. Na biyu ita ce fituwitari, wata 'yar halitta da girmanta bai wuce ƙwayar wake ba, nauyinta kimanin rabin giram, tana rataye a ƙarƙashinsa cikin wani ɗan gurbi na ƙashin kai, can bayan hanci. Na uku su ne gidajen ƙwai guda biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagun mahaifa.

Haifotalamas yana sakin wani sinadari, wanda za ki gani a rubuce GnRH, cikin wasu ƙananan jijiyoyin jini da suke sauka kai tsaye zuwa fituwitari. Tafiyar gajeriya ce ƙwarai, sinadarin kuma yakan lalace cikin 'yan mintoci, shi ya sa ba ma auna shi a jinin da ake ɗiba a hannu. Idan ya isa, sai fituwitari ta saki nata sinadarai biyu cikin jinin jiki gaba ɗaya, waɗanda a takardar sakamakon gwaji ake rubuta su FSH da LH. Su ne suke isa gidan ƙwai, shi kuma ya mayar da amsa da nasa sinadaran, mafi girmansu istirojin da furojestaron.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a nan, tun ina ɗaliba har yau, shi ne yadda ake aika saƙon farko. Ba ya kwarara kamar famfon da aka bari a buɗe. Ɗigo-ɗigo yake zuwa, a saki kaɗan, a yi shiru, a sake saki, kimanin sau ɗaya a duk minti 60 zuwa 90 a farkon wata. A shekarar 1978 Ernst Knobil da abokan aikinsa a Amurka suka nuna dalili a kan birai waɗanda haifotalamas ɗinsu ba ya sakin sinadarin. Da suka riƙa ba su shi sau ɗaya duk awa, sai fituwitari ta amsa. Da suka mayar da shi kwarara babu tsayawa, sai ta yi gum, FSH da LH suka faɗi. Duk wadda gidansu ke maƙwabtaka da injin niƙa ta san wannan: ƙarar da ba ta yankewa kunne kan daina jinta, amma sallama ɗaya daga zaure kowa zai ji. Har ila yau saurin ɗigon yana da ma'ana, domin idan ya yi sauri fituwitari ta fi sakin LH, idan ya lafa ta fi karkata ga FSH.

Rabin farko, wanda ba shi da ƙayyadadden tsawo

A kwanakin da kike jini, istirojin da furojestaron duk suna ƙasa. Ƙwaƙwalwa tana fahimtar wannan shirun a matsayin cewa gidan ƙwai yana buƙatar a tashe shi, sai FSH ya hau. Hawansa yana tayar da wasu 'yan jakunkuna a gidan ƙwai, kowace da ƙwai guda a cikinta, su soma girma tare. Suna girma suna zuba istirojin a jini, da wani sinadarin mai suna inhibin, waɗannan biyun kuma suna komawa sama su ce a rage FSH.

Wannan shi ne nau'in amsa na farko, amsar da take ragewa. Kin san yadda ake yi idan tukunya ta tafasa a murhu, a janye itace ɗaya domin kada ta yi ambaliya. To, janye itacen nan ne yake zaɓen ƙwan watan. Cikin jakunkunan da suka taso akwai wadda ta riga sauran girma, ta fi su iya amfani da ɗan FSH da ya rage, don haka ita takan ci gaba, sauran su bushe. Wannan zaɓen yakan kammala wajen ƙarshen makon farko, shi ya sa mafi yawan ciki ɗa guda ne. A watan da jaka biyu suka tsallake tare, aka kuma samu rabo, sai a haifi tagwayen da ba sa kama da juna.

Jakar da ta yi nasara tana ƙaruwa da kimanin milimita 2 a kowace rana, har ta kai milimita 20 ko kusa da haka, kuma muna iya ganinta a hoton sikanin kamar wani baƙin da'ira. Istirojin ɗinta ne yake kaurara shimfiɗar mahaifa, shi ne kuma yake kawo wannan ruwan mai yauƙi kamar farin ɗanyen ƙwai da mata da yawa suke gani a tsakiyar wata.

Daga nan sai abin mamaki ya faru. Istirojin ɗin da tun farkon wata yake cewa a rage, idan ya kai wani matsayi, kimanin fikogiram 200 a kowace mililitar jini, ya kuma tsaya a can na kusan kwana biyu, sai maganarsa ta juya ta koma a ƙara. Fituwitari ta saki LH mai yawan gaske lokaci guda, ninkin-ba-ninkin abin da ta saba. Wannan shi ne nau'in amsa na biyu, amsar da take zugawa, irin ta makaɗi da ɗan dambe, kiɗa na ƙara masa ƙaimi, shi kuma yana ƙara wa makaɗin zafin hannu. Kimanin awa 36 bayan wannan tashin ya soma, jakar takan fashe ta saki ƙwai.

Ki lura da sharuɗɗan nan biyu, yawa da daɗewa. Ƙaramar jaka ba za ta iya samar da istirojin mai yawan haka ta kuma riƙe shi kwana biyu ba, sai jakar da ta nuna. Wato gidan ƙwai ne yake sanar da ƙwaƙwalwa cewa ya shirya, ita kuwa ba ta ba da umarni sai ta ji wannan sanarwar. Idan jakar ta nuna a rana ta 12, a lokacin za a yi. Idan sai rana ta 24, haka za a jira. Babu wanda yake duba kalanda.

Rabin ƙarshe, wanda kwanakinsa a ƙirge suke

Bayan ƙwai ya fita, ɓawon jakar ba ya tafiya a banza. Yana rikiɗewa ya zama wani ɗan curi mai launin rawaya, wanda aikinsa zuba furojestaron ne. Wannan sinadarin yana gyara shimfiɗar mahaifa domin karɓar ciki, yana ɗaga zafin jiki da kimanin digiri 0.3 zuwa 0.5, yana kuma komawa ƙwaƙwalwa ya rage saurin ɗigon nan zuwa sau ɗaya a duk awa 3 ko 4. Da wannan ne ake hana wata jakar tasowa alhali ana jiran a ga ko an samu ciki.

Shi curin nan gajeren rai gare shi, kimanin kwana 14, a wasu matan ya gaza da kwana biyu ko uku, a wasu ya ɗara kaɗan, amma a jikin mace guda ba ya cika sauyawa daga wata zuwa wata. Idan ciki ya shiga, ɗan tayin yakan aiko da nasa sinadarin ya raya curin, kuma wannan sinadarin ne tsinken gwaji yake nema a fitsari. Idan babu ciki sai curin ya mutu, furojestaron da istirojin su faɗi, shimfiɗa ta zube. Faɗuwar tasu kuma ita ce take sakar wa FSH mara, har ma yakan soma hawa kwana ɗaya ko biyu kafin ki ga jini. Ashe sabon wata yana kankama tun tsohon bai gama fita ba.

Lissafin watanki

Yanzu mu ɗauki kwanakinki. A watan da kika saba, na kwana 28 ko 29, idan aka cire 14 za a ga ƙwai yana fita wajen rana ta 14 ko ta 15. A watan kwana 39 kuwa, cire 14 ya bar 25. Mafi kusa da gaskiya shi ne ƙwanki ya fita wajen rana ta 25, ya makara da kwana goma, sannan al'ada ta biyo bayansa a daidai lokacinta. A ranakun da kike ta duba zane kina gwajin ciki, wato daga rana ta 29 zuwa sama, jikinki yana tsakiyar rabin ƙarshe ne, yana cika kwanakinsa yadda ya saba.

Me ya makarar da ƙwan? A nan ne za mu koma ga abin da na ce ki riƙe. Haifotalamas ne yake karɓar labarin zazzaɓi, da rashin cin abinci, da rashin barci, da tashin hankali. Zazzaɓi mai zafi da sinadaran damuwa irin su kotizol suna rage saurin ɗigon GnRH, haka ma ƙarancin abinci idan aka kwatanta da wahalar da jiki yake sha. Mai jinya a asibitocinmu kuwa kowa ya san halinta: kwana a kan tabarma a baranda, cin abin da ya samu, safa da marwa tsakanin ɗakin magani da gadon mara lafiya, ga kuma ke kanki ba lafiya ba. Idan ɗigon ya lafa, jakar ba ta samun abin da zai ciyar da ita gaba, istirojin bai kai matsayin nan ba, umarnin sakin ƙwai bai zo ba. Da zazzaɓin ya sauka, hankali ya ɗan kwanta, sai aikin ya ci gaba.

Akwai hanyar da za ki gwada wannan bayanin da kanki. Ki tuna ranar da jinin watan ya fara, ki tuna ranar da zazzaɓin ya kama ki. Idan ya faɗo cikin mako biyun farko, to lissafin ya hau daidai. Da a ce ya same ki ne bayan ƙwai ya riga ya fita, da wuya ya ɗage miki al'ada da kwana goma, domin curin nan ba ya ƙara wa kansa kwana saboda damuwa. Shi ya sa mata biyu za su sha wahala iri ɗaya a gida ɗaya, ɗaya watanta ya rikice, ɗaya ko gezau.

Ba zan iya rantse miki a kan rana ta 25 ba, tunda ba a auna komai a lokacin ba. Yakan faru a wani watan ƙwai bai fita sam ba, shimfiɗar ta zube daga baya da istirojin ya sauka, kuma irin wannan jinin sau da yawa yakan bambanta da wanda aka saba, ko ya yi kaɗan ko ya ja kwanaki. Ko wanne ne daga ciki, wata ɗaya tak da ya kauce a lokacin ciwo ba cuta ba ne, kuma ba ya buƙatar maganin wankin mara ko jiƙe-jiƙe. Sai dai akwai abin kiyayewa ga mai tsara iyali da ƙirgen kwanaki: a irin wannan watan, ranakun da take zaton ƙwai ya riga ya wuce su ne ainihin ranakun ɗaukar ciki, ga shi kuma maniyyi yana iya rayuwa har kwana 5 a jikin mace yana jira.

Gwajin da aka yi ba a ranarsa ba

Rashin gane wannan bambanci tsakanin rabi biyun yana jawo kuskure har a wajen ma'aikatan lafiya. Wata malamar makaranta mai shekara 29 ta zo wurina bayan shekara biyu da aure babu haihuwa, ta zaro takardu uku daga cikin leda. Duk ukun gwajin furojestaron ne da aka yi mata a rana ta 21 a watanni daban-daban, duk kuma sun nuna ƙasa da nanogiram 1 a mililita. An gaya mata ba ta yin ƙwai, har dangin miji sun soma maganganu. Na tambaye ta kwana nawa ne tsakanin al'adarta, ta buɗe wayarta ta nuna mini: 35, 34, 36, 35.

Ana cewa a yi wannan gwajin a rana ta 21 ne domin mai kwana 28, saboda furojestaron yana kai ƙololuwarsa kimanin mako guda bayan fitar ƙwai, wato mako guda kafin al'ada ta gaba. Ita kuwa mai kwana 35, ƙwanta yana fita ne wajen rana ta 21 ɗin kanta, don haka an riƙa ɗibar jininta tun curin da ake nema bai ma samu ba. Muka sake gwajin a rana ta 28, ya nuna nanogiram 14, alhali abin da ya haura 3 ma ya isa shaidar cewa ƙwai ya fita. Ba ta buƙatar maganin sa ƙwai ko ɗaya. Abin da ya rage shi ne gyara ranakun da suke sa rai, da kuma duba maigidan, wanda a shekara biyun nan babu wanda ya ce masa ya kawo nasa gwajin.

Yadda muke gane inda saƙo ya tsaya

Idan al'ada ta ɗauke na tsawon lokaci, wannan aike da amsa ne yake nuna mana inda matsala take. Idan muka auna FSH muka same shi sama ƙwarai, istirojin kuma ƙasa, to fituwitari tana ta kira ne gidan ƙwai bai amsa ba. Haka ake gani ga macen da ta kai shekarun daina al'ada, da kuma wadda ƙwanta ya ƙare da wuri kafin shekara 40. Idan kuwa FSH da LH da istirojin duk suna ƙasa, to kiran ne bai fito daga sama ba, sai mu duba rama, da doguwar jinya, da sinadarin nono mai suna furolaktin, wanda yawansa yake danne ɗigon GnRH. Tsotson jariri ma yana danne wannan ɗigon, shi ya sa mai shayarwa takan daɗe ba ta ga al'ada ba. Amma tunda ƙwai yana riga jini da mako biyu, tana iya ɗaukar ciki ba ta taɓa ganin wanki ba, abin da ke kai wasu ga kwanika.

Akwai wani nau'i da nake so matan yankinmu su sani, saboda yawan haihuwa a gida. Fituwitari takan ƙara girma lokacin ciki, don haka idan mace ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa har jininta ya faɗi ƙasa sosai, wani ɓangarenta yana iya mutuwa. Alamar farko ita ce nono ya ƙi kawo ruwa, daga baya al'ada ta ƙi dawowa ko bayan shekara, ga kasala da jin sanyi da zubewar gashin hammata da na gaba. Irin wannan mace ba jira ya kamace ta ba, domin fituwitari ce kuma take tafiyar da wasu sinadaran da rayuwa ta dogara a kansu, kuma akwai magungunan da ake maye gurbinsu da su.

Ke dai, 'yar'uwa, abin da nake ba ki shawara shi ne ki riƙa rubuta ranar da jini ya fara na watanni uku masu zuwa, ki ƙirga daga ranar farko ta wannan zuwa ranar farko ta mai bi mata, ba daga ranar da kika yi tsarki ba, domin nan ne mata da yawa suke kuskuren lissafi. Duk abin da ya faɗo tsakanin kwana 24 da 38 yana cikin abin da likitocin mata suke ɗauka daidai. Ki je a duba ki idan ta riƙa wuce haka a kai a kai, ko ta ɗauke wata uku babu ciki, ko kika ga ruwan nono ba kya shayarwa, ko ciwon kai tare da raguwar gani, ko gashi yana fito miki a haɓa. Idan ta sake makara, ki maimaita gwajin ciki bayan mako guda da fitsarin farko na safe, domin ƙwan da ya makara cikinsa ma yakan makara wajen bayyana a tsinke. Idan kuma makarar ta zo da ciwon mara mai tsanani a gefe ɗaya, ko jiri, ko ɗigon jini, kada ki jira gari ya waye, ki tafi asibiti a duba ko ciki ne ya zauna a wajen mahaifa.